Yadda Ake Fassara Gatse Ba Tare Da Mai Karatu Ya Ɗauke Shi Gaskiya Ba

Bahaushe ya san gatse tun yana yaro. Uwa ta ga ɗanta ya ɓarar da miya ta ce masa "ka kyauta", kuma yaron ba zai ce na gode ba. Amma gatsenmu a baki yake rayuwa: a murya, a kallo, da sanin wanda yake maganar. Da zarar magana ta hau takarda, ko ta fito daga bakin mai karanta labarai a rediyo, yawancin mutanenmu bayani suke ɗaukarta. Shi ya sa sharhin da Bature ko ɗan Legas ya rubuta yana zolayar hukuma, idan aka juya shi zuwa Hausa kalma da kalma, sai ya koma yabon hukumar. Ga yadda nake bi da irin wannan aiki, musamman sharhin jarida da za a buga ko a karanta a rediyo.

KAYAN AIKI

Abu na farko shi ne cikakken rubutun asali, daga kanu har sunan marubuci, tare da sanin inda aka buga shi da ranar da aka buga. Kada ka yarda a ba ka sakin layi biyu a ce ka fassara. Sai biro biyu masu launi daban, ja da shuɗi, da kwafin da za ka iya yi wa zane. Sai ƙamus na Hausa, ko na Bargery na 1934 ko na Jami'ar Bayero, don tantance kalmar da kake shakka. Sai waya mai ɗaukar murya. Na ƙarshe, kuma shi ne ya fi sauran, mutum biyu da ba su ga rubutun asali ba, waɗanda suka yi kama da masu karatunka. Idan aikin na rediyo ne, nemi irin wanda yake sauraro a shago ko a gona. Abokin aikinka na ofis bai dace ba, domin ya saba da salon 'yan jarida.

MISALIN DA ZA MU YI AIKI DA SHI

Na tsara wannan sakin layi a kan irin waɗanda suke zuwa hannuna. Ka ɗauka da Turanci aka rubuta shi, wannan kuma fassararsa ce ta kai tsaye:

"Ya kamata mazauna unguwarmu su gode wa hukumar ruwa. Wata shida ke nan famfo bai kawo ruwa ba, amma takardar biyan kuɗi ba ta taɓa makara ba. Wannan shi ne aiki da tsari. Yaranmu kuma sun samu motsa jiki, domin kullum suna tafiyar kilomita uku da jarka kafin su tafi makaranta. Masu ƙorafin kwalara su kwantar da hankalinsu, ruwan kududdufi bai taɓa kashe kowa ba, in ban da waɗanda suka mutu."

Jimla biyar ce. Babu kuskuren nahawu a ciki, kuma kowace kalma ta yi daidai da ta asali. Duk da haka ba za a sake ta haka ba.

1. TABBATAR DA CEWA GATSEN NE

Karanta rubutun gaba ɗaya sau biyu kafin ka taɓa biro. Abin da kake nema shi ne saɓani tsakanin abin da marubuci ya faɗa da abin da ya nuna. Ya ce a gode, sannan ya lissafa abin da ba a gode wa mutum a kansa. Sauran alamun su ne yabo da ya wuce kima, nutsuwar murya a kan abin da ya kamata ya tayar da hankali, da maimaita kalmar girmamawa har ta fara tsami. A wasan Shakespeare na Julius Caesar, Antony yana ta nanata cewa Brutus mutumin kirki ne, kuma kowace nanatawa tana ƙara tunzura jama'a a kan Brutus ɗin.

Sannan ka duba gidan da rubutun ya fito. Akwai jaridun da sana'arsu ke nan, ƙirƙirar labari don zolaya, kuma manyan kafafe sun sha faɗawa tarkonsu. A watan Satumba na 2012 kamfanin dillancin labarai na Fars a Iran ya ɗauki wani labarin The Onion, jaridar barkwanci ta Amurka, wanda ya ce fararen fata mazauna karkarar Amurka sun fi son Ahmadinejad, shugaban Iran na lokacin, a kan Obama, ya buga shi a matsayin labari. A watan Nuwamba na shekarar, shafin jaridar People's Daily ta China ya yi haka da wani labarinta da ya naɗa Kim Jong-un, shugaban Koriya ta Arewa, namijin da ya fi kowa kyau a duniya, har da jerin hotuna. Waɗannan ƙwararru ne masu jin Turanci. Don haka ka nemi sunan kafar, ka karanta wasu rubuce-rubuce biyu ko uku na marubucin, ka ga ina ya saba tsayawa a kan maganar.

Akwai kuskuren da yake kishiyar wannan, wato ganin gatse inda babu shi. Wani da gaske yake yabon abin da kai kake ƙyama. Idan ka saka masa murmushin zolaya a baki, ka yi masa ƙarya. In kana iya samun marubucin, tambaye shi kai tsaye. In ba ka iya ba, kuma alamu ba su wadatar ba, fassara maganar yadda take, ka danganta ta gare shi, kada ka ƙara mata komai.

2. YI WA KOWACE JIMLA ALAMA, KA RUBUTA NUFINTA A GEFE

Ja layin shuɗi a ƙarƙashin duk abin da marubuci yake nufi yadda ya faɗa, ja kuma a ƙarƙashin abin da yake nufin akasinsa. A misalinmu, jimla ta biyu shuɗiya ce tsantsa: wata shida babu ruwa, takardar kuɗi na zuwa. Ta farko da ta uku ja ne. Ta huɗu gauraye ce, domin tafiyar kilomita uku gaskiya ce, "motsa jiki" kuma gatse ne. Ta biyar ja ce, sai dai wutsiyarta, "in ban da waɗanda suka mutu", ita ce take fallasa ta.

A gefen kowane jan layi rubuta nufin a fili, da jimla ɗaya. Ta farko: hukumar ta cancanci zargi. Ta uku: karɓar kuɗi kaɗai suka iya. Ta huɗu: yara suna wahala. Ta biyar: ruwan yana kisa, kuma an yi biris. Idan ka kasa rubuta nufin wata jimla a fili, to ba ka gane ta ba tukuna, kuma ba ka isa fassara ta ba.

Rubuta kuma wanda ake harbi. Masu koyo kan tsallake wannan. A jimla ta biyar, a zahiri marubuci kamar masu ƙorafi yake yi wa faɗa, alhali yana tare da su, hukuma yake kwaikwayo. Idan ka ɓata wannan, fassararka za ta zagi waɗanda marubucin ya tashi karewa.

3. AUNA ABIN DA ZAI FARU IDAN AN ƊAUKA GASKIYA NE

A nan ne aikin yake, kuma a nan nake ɓata mafi yawan lokacina. Ɗauki kowace jan jimla ita kaɗai, ka rufe na gabanta da na bayanta da hannu, ka tambayi kanka: idan wannan kaɗai mutum ya ji, me zai tafi da shi?

Dalilin rufe sauran shi ne yadda rubutu yake yawo yanzu. Wani zai ɗauki hoton layi biyu ya tura a WhatsApp. Mai sauraron rediyo zai kunna a tsakiyar shiri, ko injin niƙa ya tashi daidai lokacin da aka zo wutsiyar jimla. Gatse na Turanci yakan jingina da abin da ya gabata, wani lokaci da shafi guda. Kai ba ka da tabbacin mai karatunka zai ga shafin.

Idan aka ɗauki jimla ta farko da gaske, asarar kaɗan ce: za a ce marubucin ɗan koren hukuma ne, kuma jimla ta biyu za ta gyara. Ta huɗu ma haka, sai dai a ce ba shi da tausayi. Amma ta biyar, in aka yanke wutsiyarta, ta zama "jarida ta ce ruwan kududdufi bai taɓa kashe kowa ba". Wannan magana tana iya kai yaro asibiti.

Abubuwa huɗu ne ba na barin gatse ya tsaya a kansu babu kariya: lafiya da magani, addini, ƙabila, da zargin wani mutum da sunansa. A kan lafiya, illar a jiki take. A kan addini da ƙabila, mun san abin da jimla ɗaya da aka yi wa mummunar fahimta take iya jawowa a gari. Kada ka ruɗu da cewa muna da wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zagezagi. Wannan wasa yana tafiya ne saboda kowa ya san dangantakar da ta halatta shi. Marubucin da ba a sani ba, a bakin mai fassarar da ba a gani ba, ba shi da wannan lasisi. A kan sunan mutum kuwa, gatsen da aka karanta a matsayin labari yana iya zama ƙazafi, kuma kai da gidan jaridarka za a nema.

Misalin da ake koyarwa a ko'ina shi ne maƙalar Jonathan Swift ta 1729, inda ya ba da "shawara", da lissafi da nutsuwa irin ta masanin tattalin arziki, cewa talakawan Ireland su riƙa sayar da jariransu masu shekara ɗaya ga masu kuɗi a matsayin nama. Nufinsa tona asirin yadda masu ƙasa da mahukuntan Ingila suke tatse talakawan. Ka yi tunanin sakin layi ɗaya na wannan ya shiga wayoyin mutane da Hausa, babu gabatarwa, a garin da ake jita-jitar satar yara.

4. ZAƁI HANYA GA KOWACE JIMLA, BA GA RUBUTUN GABA ƊAYA BA

Hanyoyi huɗu ne, daga mai sauƙin taɓawa zuwa mai nauyi.

Ta farko, ka bar gatsen yadda yake. Tana yiwuwa idan gaskiyar da take fallasa shi tana manne da shi a jimla ɗaya, ta yadda ba a iya raba su.

Ta biyu, ka sake gina shi da alamun da kunnen Bahaushe ya sani. Ita ce na fi amfani da ita. Muna da kalmomin da in sun zo a wurin da bai dace da su ba, kowa ya san an juya magana: "sannu da aiki", "ka ji manya", "lallai kam", "an gaishe ku", "su wane", "to madalla", "ka ji aiki". Muna kuma da kirarin da ya wuce gona da iri. "Ya kamata a gode wa hukuma" jimla ce da ake ji kullum a labarai da gaske, shi ya sa ba ta nuna komai. Amma "ku taso mu je mu yi musu sannu da aiki", a gaban "famfo ko ɗigo", ba mai kuskure ta.

Hattara da "wai". Tana nisanta mai magana daga abin da ya faɗa, don haka tana taimakon gatse, amma ita ce kuma kalmar jita-jita. "Wai ruwan kududdufi ba ya kisa" wani zai ji shi a matsayin "haka ake cewa". Ka sa ta kawai inda abin da ya biyo baya ya isa ya ƙaryata kansa. Hattara kuma da addu'a. A baka mutane kan ce "Allah ya saka da alheri" cikin gatse, amma a rubuce za a amsa da amin, wasu kuma su ga ka yi wasa da abin da ba a wasa da shi. Alamar motsin rai da alamar zancen wani ma ba abin dogaro ba ne. Da yawa suna ɗaukar alamar zancen wani a matsayin girmamawa ko ƙarfafawa, a rediyo kuwa ba a jin su sam.

Ta uku, ka sanar. Layi ɗaya a sama, kamar "sharhi cikin gatse", ko a labari ka ce "ya faɗa cikin gatse". Wasu masu fassara suna jin kunyar wannan, suna ganin kashe raha ne. Ni ban ga abin kunya ba, kuma malamanmu sun riga mu. A suratud Dukhan, aya ta 49, ana ce wa ɗan wuta ya ɗanɗana, lalle shi ne mabuwayi mai daraja. Malamin tafsiri ba ya wucewa sai ya tsaya ya ce wannan izgili ne ake yi masa, abin da malaman balaga suke kira tahakkumi. Haka a suratu Hud, aya ta 87, inda mutanen Annabi Shu'aibu suke ce masa lalle shi ne mai haƙuri, shiryayye. Malamai da yawa sun bayyana cewa ba'a suke yi. Masu sauraronka sun saba da a faɗi magana sannan a gaya musu fuskar da aka faɗe ta.

Ta huɗu, ka warware gatsen, ka faɗi nufin a fili. Za ka rasa ɗanɗano, kuma marubuci zai iya jin haushi, don haka in da hali ka sanar da shi ko editanka. Wannan hanya ta jimlolin da suka faɗa cikin abubuwa huɗun nan ce.

Kada ka warware komai saboda tsoro. Sharhin da aka cire wa duk gatsensa ya zama takardar koke, kuma ba ita marubucin ya rubuta ba.

5. RUBUTA

Fara da kanu. Kanu ba ya ɗaukar gatse, domin shi ne yake tafiya shi kaɗai fiye da komai. Ko da na asali ya ce "Godiya ga hukumar ruwa", kai ka ba shi na fili. Ga yadda misalinmu ya koma:

Ruwa Babu, Takardar Kuɗi Na Zuwa
Sharhi cikin gatse daga wani mazaunin unguwa

"Jama'ar unguwa, ku taso mu je mu yi wa hukumar ruwa sannu da aiki! Wata shida famfo ko ɗigo, amma takardar kuɗi kam ba ta taɓa makara ba. Ka ji aiki! Yaranmu ma ga shi an ba su motsa jiki kyauta, kilomita uku da jarka a ka kafin a kai ga makaranta. Abin da ba na wasa ba kuwa shi ne, ruwan kududdufin da aka bar mu da shi yana kawo kwalara, ya riga ya kashe mutane, kuma ba wanda ya ce uffan."

Jimla ta farko da ta uku an sake gina su. Ta biyu ba a taɓa adadinta ba: wata shida yana nan wata shida, domin gaskiyar da ke cikin gatse ba a yi mata ado. A ta huɗu an ƙara "kyauta" da "a ka", an kuma matso da wahalar kusa da kalmar zolayar don kada a raba su. Ta biyar an warware ta gaba ɗaya. Lura da gaɓar "abin da ba na wasa ba". Duk inda za ka sauka daga gatse zuwa magana ta gaske, sai ka sa irin wannan gaɓa. In ba haka ba, wanda ya gane zolayar farko zai ɗauka maganar kwalarar ma zolaya ce.

Wani kuskure da nake yawan gani shi ne ƙara zafi. Marubuci ya yi zolaya mai sanyi, mai fassara ya mayar da ita zambo ko baƙar magana, har da habaici ga wanda ba a ambata ba. Ka koma ga abin da ka rubuta a gefe a mataki na biyu. Idan fassararka ta faɗi fiye da shi, rage.

6. GWADA A KAN WANDA BAI SANI BA

Ba mutum na farko rubutun gaba ɗaya, kada ka ce masa komai. In ya gama, tambaye shi abu biyu: marubucin nan yana tare da hukumar ko yana faɗa da ita? Kuma me ya ce game da ruwan kududdufi? Kada ka tambaye shi "ka gane gatse ne?", domin ka riga ka ba shi amsa, kuma kunya za ta sa ya ce e.

Mutum na biyu kuma ka karanta masa jan jimloli ɗaya bayan ɗaya, a warwatse, da murya shimfiɗaɗɗiya irin ta mai karanta sanarwa. Duk wadda ya ɗauka da gaske, ka matsar da ita mataki ɗaya: in ka bar ta ne, sake gina ta, in ka sake gina ta, sanar, in ka sanar, warware.

Idan ba ka da kowa, ɗauki muryarka a waya kana karantawa babu lanƙwasa, ka ajiye, ka saurara bayan ka yi wani aikin. Bai kai mutum ba, amma yana kama jimlolin da muryarka ce kawai take riƙe da su.

IDAN YANAYIN AIKIN YA BAMBANTA

A rediyo murya tana taimako, sai dai in ba kai za ka karanta ba, kada ka dogara da ita. Rubuta wa mai gabatarwa a gefen takarda inda gatsen yake, kuma a maimaita sanarwar bayan kowane hutu, saboda waɗanda suka shigo a tsakiya.

A fassarar da ake rubutawa a ƙasan fim, fuska da muryar ɗan wasa suna nan, don haka yawanci kalma ɗaya irin "lallai kam" ta isa, wuri ma ba zai ba ka fiye da haka ba.

A labari, inda ɗan siyasa ya yi gatse a taro, ba ka da ikon sake gina maganarsa ko warware ta a cikin alamar zancen wani, domin kalmominsa ne. Fassara su yadda suke, ka sa "cikin gatse" kafin maganar, ba bayanta ba, don kada a yanke. Kuma kada ka rubuta haka sai ka ga bidiyon ko ka ji muryar da kunnenka. Idan rubutaccen rahoto kawai gare ka, kawo abin da ya faɗa kafin jimlar da abin da ya faɗa bayanta, ka bar mai karatu ya auna.

A takardun hukuma, na kotu ko na asibiti, inda aka naɗi maganar wani da gatse a ciki, ba a warwarewa kuma ba a ƙawatawa. Ana fassarawa daidai, sannan a sa bayanin mai fassara a ƙasa, a rubuta a fili cewa bayanin naka ne, ba na mai maganar ba.